Layi a hannunka, rajista da sunan wani: yadda aka kwashe asusun wani ɗan kasuwa a dare ɗaya

Duk wanda yake harka da banki a Najeriya yanzu lambar wayarsa ce ke riƙe da asusunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Alat ta nan yake shigowa, OTP ta nan, kod ɗin tiransfa na USSD irin su *737# ko *894# ko *901# ba sa aiki sai a kan layin da banki ya sani, BVN ɗinka ma da layin aka ɗaure shi. Toh satar layi, wato a je ofishin kamfanin waya a ciro sabon sim da lambarka alhali tsohon yana cikin wayarka, ita ce hanyar da ɓarawo ke zama kai a idon banki ba tare da ya taɓa wayarka ba. Mu dai a nan mun fi saninta da walkam bak, kuma walkam bak ba laifi bane, kowa ya taɓa yi ko ya raka wani, an yi shi ne saboda wanda wayarsa ta ɓata. Matsalar sai in wani ne ya je ya yi maka.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, dan sai a cikin bayani dalla-dalla ake ganin inda ɓarakar take. A ce wani mai shagon atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, mu kira shi Alhaji kawai. Mutum ne mai taka-tsantsan da kuɗinsa, in aka kira shi aka ce daga banki ne kashe wayar yake yi, bai taɓa danna wani link na tallafi ba, asali ma bai damu da su ba. Irin mutumin da za ka rantse ƴan damfara ba za su samu kansa ba.

A 2017 layinsa na da ya cika da kiran ƴan bashi da masu roƙo, sai ya aiki yaron shagonsa ya siyo masa sabo wanda zai keɓe wa kasuwa. Yaro ya je wajen masu rajista, aka ce sai an ɗauki hoto an dangwala yatsa, toh Alhaji na shago ga kwastomomi, wa zai koma ya taso shi? Yaro ya tsaya aka ɗauke shi hoto ya dangwala nasa yatsan ya kawo layi. Alhaji ya sa a waya, ya kai banki aka ɗora a asusunsa da BVN ɗinsa, aka rubuta lambar a allon shago da jikin leda da rasit. Da aka zo ƙarshen 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN ko a rufe, ana ta turmutsutsu a ofisoshin NIMC, sai aka ga ai sunan da ke kan rajistar na yaron ne dan haka NIN ɗin yaron ne zai shiga, aka saka, layi ya ci gaba da aiki, magana ta wuce. Bayan shekara biyu da wani abu aka samu saɓani kan lissafin kaya, yaro ya bar shagon ba daɗi.

Kaga a nan babu wani kutse, babu wani ƙwararren ɗan yahu. Shekara da shekaru Alhaji na biyan kuɗin kati yana kira yana amsawa, amma a kwamfutar kamfanin waya layin ba nasa bane, kamar wanda ya gina shago a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan wani. Kuma wallahi irin wannan ya yi yawa a cikinmu fiye da yadda ake zato. Mata nawa ne layinsu ke da sunan miji ko ƙani ko tsohon miji ma, tsofaffi nawa ne jika ya yi musu rajista, mutum nawa ne suka sayi layi mai rajista a bakin titi dan gudun bin layi?

Ranar wata Juma'a wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma sabis ɗin layin ya ɗauke. Wayar Alhaji mai sim biyu ce, ɗayan yana nan da sabis cike, wannan kuma sai ga rubutu a sama wai Emergency calls only. Ya kashe ya kunna, ya cire sim ya goge shi a jikin riga ya mayar, shiru. Maƙocinsa a kasuwa layinsu kamfani ɗaya, nasa na aiki lafiya lau, har ya ce "Alhaji ko dai sim ɗin ne ya tsufa, ka bari Litinin ka je su canja maka." Alhaji ya ce haka ne, ya rufe shago ya tafi gida hankalinsa kwance.

Wannan lokacin shi ne komai a cikin labarin. Abun da ya faru shi ne tsohon yaron ya je wani shagon kamfanin a wani gari da NIN ɗinsa da takardar rantsuwa ta kotu cewa wayarsa ta ɓata. Ka'idar da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta shimfiɗa na canjin sim tana neman a tantance mutum da NIN da yatsa ko fuska, a kuma yi masa tambayoyi irin su lambobin da aka fi kira da katin da aka saka na ƙarshe. Yatsa nasa ne, fuska tasa ce, lambobin da Alhaji ya fi kira kuwa ya haddace su tun yana shago, na Hajiya, na dilan da ke turo kaya daga Legas, na direba. Ma'aikacin da ya ba shi sim bai karya doka ko ɗaya ba. Lamba ɗaya ba ta zama a kan sim biyu, dan haka a daidai minti ɗin da sabon ya tashi na Alhaji ya mutu.

Yadda ake bambance wannan da matsalar netwok ta yau da gobe ba wuya. In netwok ne ya lalace, kowa da ke kan wannan kamfanin a wajen zai yi kuka tare da kai. In kai kaɗai ne, toh ka ari wayar wani ka kira lambarka. In ka ji tana ringin alhali wayar hannunka shiru, ko ma wani ya ɗauka, magana ta ƙare, layinka na hannun wani. In an ce a kashe take, wannan bai wanke komai ba dan ɓarawon na iya kashewa ko ya hana kira shiga, sai ka saka sim ɗinka a wata wayar, in can ma No service ne ko ta rubuta SIM not provisioned ko wani abu mai kama da haka toh ka ɗauka an canja shi har sai an tabbatar maka ba haka ba. Duka wannan gwajin bai fi minti biyar ba. Alhaji bai yi ko ɗaya ba, kuma ba wauta bace, sabis ya saba ɗaukewa a ƙasar nan har mun daina ɗaukarsa a bakin komai.

Ba banza aka zaɓi yammacin Juma'a ba. Bankuna sun rufe sai Litinin, mutane sun gaji, kuma duk wanda layinsa ya ɗauke a wannan lokacin abun da zai faɗa wa kansa kenan, sai Litinin.

Da layi a hannu sauran aikin mai sauƙi ne ga wanda ya san gida. Lambar asusu tana manne a jikin kantar shagon dan masu tiransfa. BVN kuwa duk mai riƙe da layin da aka yi rajista da shi in ya danna *565*0# za a turo masa, an yi ne dan sauƙaƙa wa wanda ya manta nasa. PIN fa? Sau nawa Alhaji ya miƙa wa yaron kati ya ce je ka ciro min dubu hamsin wajen mai POS. Shekarar haihuwarsa ce, ita ce ta ATM ita ce ta USSD, kuma bai taɓa canjawa ba ko bayan yaron ya tafi. Lambobin jikin katin ma yaron ya daɗe da ɗaukarsu a hoto.

A asusun akwai naira 2,350,000, yawancinsu kuɗin dila ne da za a tura ranar Litinin. Wajen tara da kwata na dare aka fara. Ta USSD aka fitar da 100,000, a nan aka tsaya dan tun 2018 CBN ta sa iyakar dubu ɗari a rana ga tiransfa ta USSD. Da a ce USSD kaɗai ne da asarar ba ta kai ta kawo ba. Amma sai aka sauke manhajar bankin a sabuwar waya, aka ce an manta fasuwod, banki ya nemi lambar asusu da bayanan kati da PIN, ya turo OTP zuwa layin da ya sani, OTP ya faɗa hannun ɓarawo. A manhaja iyakar Alhaji miliyan ɗaya ce a rana, shi da kansa ya je banki ya cike fom aka ɗaga masa saboda biyan diloli. Kafin sha ɗaya miliyan ɗaya ta fita, kashi-kashi, zuwa asusu huɗu daban-daban.

Sai aka jira sha biyun dare. Wannan shi ne abun da mutane da yawa ba su lura da shi ba, iyakar rana a kan kwanan wata take tafiya, da zarar agogo ya haura sha biyu an shiga sabuwar rana a lissafin banki kuma iyakar ta dawo sabuwa fil. Wato dare ɗaya kwana biyu ne. Sha biyu da ƴan mintuna aka sake fitar da miliyan ɗaya ta manhaja da dubu ɗari ta USSD. Jimla 2,200,000, saura 150,000. Kowace fita banki ya turo alat yadda ya kamata, duk suna sauka a wayar ɓarawon. Alhaji ba shi da alat na imel, da yana da shi ko ta datar ɗaya layin da ya gani tun tiransfa ta farko.

Da asuba aka koma kan WhatsApp, tunda shi ma kod ɗinsa mai lamba shida ta layi yake zuwa. Nan ne ma asiri ya tonu, dan wajen bakwai na safe ƙanwar Alhaji ta kira shi a ɗaya layin tana cewa "Yaya lafiya kuwa? Na ga saƙonka wai kana asibiti a turo dubu tamanin, wane asibitin ne?" Ya buɗe nasa WhatsApp ɗin ya ga an fitar da shi. Babban ɗansa da ke jami'a ya karɓi wayar ya duba, ya kira lambar ya ji tana ringin, ya ce "Baba ba sim bane ya lalace, an yi walkam bak da layinka, wane banki ne a kai?"

Daga nan abun da ɗan ya yi daidai ne, sai dai an makara da awa goma sha uku. Bai ce a tafi ofishin kamfanin waya ba, banki ya fara nufa, kuma haka ya kamata, dan layi ko ba daɗe ko ba jima ana iya dawo da shi ko a canja wani, kuɗi kuwa in suka fita kowane minti nisa suke ƙarawa. Bankuna suna da kod na gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, ba sai layin da ke kan asusun ba, a rufe asusun ya daina fitar da kuɗi. Ga na wasu daga ciki:

```
Access Bank   *901*911#
First Bank    *894*911#
Zenith Bank   *966*911#
UBA           *919*911#
GTBank        *737*51*74#
```

In naka ba ya ciki, ko ma yana ciki, ka tambaya a reshenku su tabbatar maka sannan ka rubuta a takarda ka ajiye a walat ko aljihun mota tare da lambar asusunka da lambar kwastoma kiya da ke bayan katin ATM. Kada ka ajiye a waya kaɗai, ranar da za ka buƙace shi wataƙila wayar ce babu. Idan ka danna za a tambaye ka lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, wasu bankunan kuma har da PIN. A nan ne aka samu cikas a wajen Alhaji, kod ɗin ya nemi PIN na USSD, shi kuwa ɓarawon ya riga ya canja shi tun dare. Sai suka kira lambar bayan kati, aka sha jira, aka yi masa tambayoyin tantancewa, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, kuɗin da ya shiga na ƙarshe, sannan aka sa wa asusun abun da ma'aikatan banki ke ce wa PND, wato kuɗi na iya shiga amma ba sa fita. Dubu ɗari da hamsin ɗin nan ita aka tsirar.

Kuma a wannan kiran akwai abun da dole a faɗa, kada a tsaya a kan "ku rufe min akawun" kawai. A ce musu an yi tiransfa ba da izini ba, a nemi su buɗe ƙorafin zamba su ba da lambar ƙorafin, su kuma tuntuɓi bankunan da kuɗin suka shiga dan a riƙe abun da ya rage a can. CBN ta wajabta wa bankuna su kasance da sashen da ke kula da zamba dare da rana, kuma su ne ke magana da junansu. Kowace tiransfa da ta bi ta NIBSS, wato kamfanin da ke haɗa tiransfa tsakanin bankuna, tana da doguwar lamba mai suna Session ID, da ita ake bin sawun kuɗin, dan haka in an ba ka sitetmen ka nemi a haɗa maka da su.

Ranar Asabar ɗin suka je ofishin kamfanin waya, nan ne Alhaji ya ji abun da ya fi asarar kuɗin ɗaure masa kai. Yarinyar da ke kan kantar ofishin ta duba kwamfuta ta dube shi ta ce "Ranka ya daɗe ai wannan layin ba sunanka bane a kai." Ya ce shekara nawa ina amfani da shi, ga shi a allon shagona, duk Kwari an san ni da shi. Ta ce ta yarda amma ita abun da ke kan rajista take bi, ba za ta iya ba shi layin wani ba, ba ma za ta iya faɗa masa sunan mai shi ba. Shi dai a take ya tuna wanda ya aika a 2017. Abun da suka iya yi masa shi ne karɓar ƙorafi, suka ce ya kawo rahoton ƴan sanda dan a dakatar da layin. Da layin da sunansa yake, da NIN da yatsansa a ranar zai karɓe abunsa na ɓarawon ya mutu, kuma in kamfani ya yi masa wasa da hankali ya kira 622, lambar ƙorafi ta NCC wadda kyauta ce.

Litinin da sassafe ya je banki da takardar ƙorafi a rubuce da rahoton ƴan sanda, ya sa aka buga masa hatimi a kwafinsa. Aka cire tsohuwar lamba daga asusu aka ɗora ɗaya layin, aka cike wani fom daban na canja lambar da ke kan BVN, dan waɗannan abu biyu ne kuma mutane na yin ɗaya su manta ɗaya, aka soke kati aka ba da sabo, aka sauke manhajar daga wayar ɓarawon. Akwai wani ƙaramin asusunsa a wani bankin da ya kusa mantawa da shi, shi ma a kan layin yake, sai da aka bi aka gyara.

Kuɗi fa? Cikin asusu huɗun da aka tura wa, uku an riga an kwashe su a wajen masu POS kafin gari ya waye, na huɗun aka tarar da 380,000 aka riƙe, kuma ko su sai da aka yi ta zirga-zirga da takardu har da umarnin kotu kafin su dawo. Asusun da ake tura irin waɗannan kuɗin yawanci ba na ɓarawon bane, na wasu ne da aka ce "ara min akawun ɗinka za a turo min kuɗi in ba ka na shan ruwa", kuma su ake fara kamawa, dan Allah a ja wa samari kunne kan wannan. Sauran kuɗin banki ya ce ba zai biya ba, hujjarsu kuwa ita ce an shiga da PIN ɗinsa na gaskiya, an saka OTP ɗin da aka tura layin da shi da kansa ya kawo musu, kuma shi ya ba wani katinsa. Yana da damar ya kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN in banki ya yi sati biyu bai warware masa ba, ana tura musu ta cpd@cbn.gov.ng da lambar ƙorafin da banki ya bayar, amma maganar gaskiya a irin wannan yanayin da PIN ya fita ta hannun mai asusu, hujjar banki tana da ƙarfi. Bayan wata guda kuma sai ga kira daga masu ba da bashi ta waya, wai ya ci 45,000 bai biya ba, ashe a daren an yi amfani da layin da BVN an karɓi rance da sunansa. Rahoton ƴan sanda mai ɗauke da kwanan wata shi ya taimake shi a nan.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai ni layina da sunana yake dan haka ba ruwana. An rage hatsarin sosai, amma ba a kawar da shi ba. Ɗaya hanyar ita ce a haɗa baki da ɓata-garin ejan ko ma'aikaci a tsallake tantancewa, su kuma bayanan da ake buƙata a tattara su ta kiran "daga banki ne, za a rufe BVN ɗinka" ko fom ɗin tallafi na bogi da ke yawo a guruf-guruf yana neman NIN da BVN da ranar haihuwa. Ba mu kaɗai bane, a watan Agustan 2019 da irin wannan canjin sim ɗin aka ƙwace shafin Jack Dorsey a Twitter, lokacin shi ne shugaban kamfanin gaba ɗaya. Wani lokacin kafin a yi, za ka ga saƙo daga kamfanin waya cewa an nemi canja sim ɗinka, ko a yi ta damunka da kira har ka gaji ka kashe wayar, ko a kira a ce za a ɗaga maka layi zuwa 5G ka danna kaza. Duk wanda ya ga haka ya kira 300, ita ce lambar kwastoma kiya a duk layukan Najeriya tun da aka daidaita su a 2023, ya ce bai nemi komai ba.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa cewa a sa wa sim PIN, kuma shawara ce mai kyau amma a san iyakarta. PIN na sim yana hana wanda ya ƙwace wayarka ya cire sim ya saka a tasa, kuma da yadda ƙwacen waya ya zama a garuruwanmu wannan ba ƙaramin abu bane, wasu masu ƙwacen ma sim ɗin suke so fiye da wayar. Ana sa shi a saitin waya wajen SIM lock ko SIM PIN, amma ka nemo PUK ɗinka tukuna, lamba takwas ce a jikin katin da aka ɓalle sim daga ciki, dan in ka yi kuskure sau uku sim zai kulle sai da PUK, in PUK ɗin ma ka ɓata sau goma sim ya mutu gaba ɗaya. Sai dai a lamarin Alhaji ko ya sa ba abun da zai hana, tunda ba sim ɗinsa aka ɗauka ba, sabo aka ciro, PIN kuwa a jikin tsohon yake.

Abun da zai hana na Alhaji tun daga tushe shi ne ya san sunan wa ke kan layin da bankinsa ke amfani da shi. Danna *996# zai nuna maka matsayin layin da NIN, amma wanda ya fi tabbas shi ne ka taka ka je ofishin kamfanin da takardar NIN ɗinka ka ce a duba maka. In sunan wani ne kuma kuna shiri, ku je tare a yi canjin mallaka tun ana ga-maciji, kada a jira sai an ɓata ko an rabu ko mutum ya rasu. In ba ka san ma waye ba, ko ba kwa shiri, toh kada ka tsaya jayayya, yi sabon layi da yatsanka ka kai banki a canja a asusu da BVN, tsohon ka bar shi na kira da gaisuwa. Ni a ganina duk ɗan kasuwa ma ya raba, layin da ke jikin allo da leda daban, layin banki daban wanda ba kowa ya san shi ba. Sharaɗin kawai kada a jefa shi a durowa a manta, dan layin da ya yi wata shida ba kira ba saka kati kamfani na iya dakatar da shi, in aka doshi shekara a sayar wa wani, sabon mai shi ya fara ganin alat ɗinka ba tare da ya saci komai ba. Saka masa ko katin ɗari biyu ne lokaci-lokaci ka yi kira da shi.

Sai maganar iyaka, wadda ita ce ta mayar da asarar dubu ɗari biyu ta zama miliyan biyu da ɗoriya. Idan ba kullum kake tura miliyan ba, ba dalilin barin ƙofar a buɗe kullum. Ka tambayi bankinka ko suna ba da token, ɗan ƙaramin abu mai fito da lamba, sai a ɗaure manyan tiransfa da shi tunda shi ba ya bin layi, yana aljihunka. Wasu kuma suna raba asusu biyu, na ajiya babu USSD babu manhaja babu kati, sai an je banki, na hidimar yau da gobe kuma a bar masa abun da in ya tafi ba za a kwanta asibiti ba. Yana da ɗan wahala musamman ranar da kake sauri, kowa sai ya auna da yanayin kasuwarsa. Ka sa a riƙa turo maka alat ta imel ma, amma ka duba kada imel ɗin shi ma ya zama da wannan layin ake dawo da fasuwod ɗinsa, in ba haka ba duk a hannu ɗaya suke. WhatsApp kuwa shiga Settings, Account, Two-step verification ka sa lamba shida taka ta kanka, da Alhaji ya yi da ko kod ya je wa ɓarawon ba zai shiga nan take ba.

PIN ɗin da yaron shago ko direba ko ɗa ya sani, ba a cewa kada a aiki kowa dan rayuwar kasuwa ba ta yiwuwa haka, amma a ba su katin ƙaramin asusu, kuma ranar da wani ya bar aiki, ko da daɗi aka rabu, a ranar a canja PIN na kati da na USSD, kowanne daban, ba shekarar haihuwa ba, ba lambobin ƙarshen waya ba. In ma katin ya daɗe yana yawo a hannun mutane a soke shi a karɓi sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Shi dai Alhaji tsohuwar lambar ba ta dawo hannunsa ba, an dakatar da ita bayan rahoton ƴan sanda, sai da ya sake allon shago da buga sabbin ledoji, ɗansa kuma ya bi diloli da manyan kwastomomi ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu kada wanda ya tura kuɗi ko kaya bisa saƙon da ya fito daga wancan layin. Kuɗin dilan Legas aka sasanta zai biya kashi uku, shi kuwa tsohon yaron maganarsa na hannun ƴan sanda.